Jagora: Yadda Ake Rubuta Imel ɗin Godiya Bayan Intabiyu a Legas

Yawancin wasiƙun godiya da masu neman aiki ke turawa bayan intabiyu ba sa ƙara musu komai, domin abu ɗaya suke faɗa: na gode da lokacinku, ina fatan jin alheri daga gare ku. Manajan da ya gana da mutum shida ko bakwai a yini ɗaya, idan ya buɗe irin wannan saƙo, ba zai ga abin da zai tuna masa da kai ba. Imel ɗin da ke aiki shi ne wanda ya ɗauko matsala guda da mai intabiyun ya ambata da bakinsa, ya ajiye ta gefen wani aiki da ka taɓa yi, har mai karatu ya ga dacewarka da kansa.

Domin bayanin ya zauna sosai, za mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Mu ɗauka wani matashi ne mazaunin Agege, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa wani dillalin kayan abinci lissafi a kasuwar Mile 12, ya nemi aikin sitokifa, wato mai kula da sito, a wani kamfanin rarraba hatsi da ke Ikeja. An yi masa intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gaban mutum uku: shugabar sashen kula da ma'aikata, da manajan sito, da akanta.

Kafin ka bar harabar kamfanin

Aikin wasiƙar yana farawa tun kana cikin ɗakin intabiyu. Idan aka zo ƙarshe aka ce ko kana da tambaya, akwai abu biyu da kake bukatar fita da su. Na farko shi ne lokacin da za a yanke shawara, domin da shi za ka rufe wasiƙarka, kuma da shi za ka san ranar da ya dace ka sake tuntuɓa. Na biyu shi ne sunayen waɗanda suka gana da kai da yadda ake rubuta su. Idan an ba ka katin ofis, shi ke nan. Idan ba a ba ka ba, ka duba imel ɗin gayyata, ko ka tsaya wurin mai karɓar baƙi ka tambaya cikin ladabi.

Batun suna yana da nauyi a Legas fiye da yadda sabon zuwa yake zato. Mai yiwuwa ne wanda ya yi maka intabiyu Bayerabe ne ko Ibo ko ɗan wata ƙabilar daban, kuma sunan da ka ji sau ɗaya a kunne ba lalle ka rubuta shi daidai ba. Haka kuma mutane suna riƙe da laƙabinsu na aiki, irin su Injiniya da Dakta da Barista, kuma wanda aka gabatar maka da shi da laƙabi yana sa ran ganinsa a rubuce. Ka bi yadda mutumin ya sa sunansa a ƙasan imel ɗinsa ko a katinsa, harafi da harafi. Kada ka yanke wa mace hukuncin cewa matar aure ce ko budurwa ta hanyar kallo, ka bi laƙabin da ta yi amfani da shi.

Da zarar ka fita, kafin ka shiga gosulo, ka sami wuri ka tsaya minti goma ka rubuta abin da aka tattauna, ko a waya ko a takarda. Wanda ya ce sai ya isa gida, bayan ya sha awa biyu a cikin danfo da hayaniyar Oshodi, zai tarar kalmomin da aka yi amfani da su sun gudu, sai ma'anarsu ta gaba ɗaya ta rage masa, alhali ainihin kalmomin ne yake bukata. Abin da za ka rubuta shi ne matsalar da aka fi maimaitawa, da wanda ya ambace ta, da tambayar da ka ji amsarka ta yi rauni, da duk wani abu da ka yi alkawarin turowa.

A misalinmu, matashin ya tsaya a inuwa kusa da tashar mota ya rubuta abu huɗu. Manajan sito ya koka har sau biyu cewa duk ƙarshen wata abin da ke cikin littafi ba ya dacewa da buhunan da ke ƙasa. Ya kuma ce tireloli na isowa daga Arewa da daddare, kuma sau da yawa ba a fahimtar juna da direbobi wajen sauke kaya. Akanta ya tambaye shi ko ya taɓa amfani da manhajar lissafin kaya da kamfanin ke aiki da ita, sai ya ce a'a ya yi shiru. Shugabar sashen ma'aikata ta ce za a sanar da sakamako kafin Juma'ar mako mai zuwa.

Zaɓar abu ɗaya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma a nan ne wasiƙa ke gyaruwa ko ta lalace. Mai neman aiki yana jin kamar ya sake jera duk abin da ke cikin takardar tarihin karatunsa da aikinsa: digiri, da bautar ƙasa, da kwasa-kwasai, da shekarun gogewa. To amma duk wannan yana hannunsu, da shi ma suka gayyace ka. Abin da ba su da shi a rubuce shi ne alaƙar da ke tsakanin damuwarsu da aikinka, domin kai ma sai a ɗakin intabiyu ka ji damuwar.

Hanyar zaɓe ita ce ka duba abin da ka rubuta, ka nemi matsalar da ta cika sharaɗi biyu: wanda ke da babbar murya wajen ɗaukar aiki ne ya ambace ta, kuma kana da wani aiki na gaske da ka taɓa yi wanda ya shafe ta. Mai babbar murya a yawancin lokuta shi ne wanda zai zama maigidanka kai tsaye, domin shi zai zauna da kai kullum, kuma shi za a tuhuma idan ka gaza. Sashen ma'aikata yana tsara al'amura yana kuma tace mutane, amma ba kasafai yake tilasta wa manaja wanda bai kwanta masa ba.

Matashinmu yana da hanya biyu. Yana iya jingina wasiƙarsa kan cewa yana jin Hausa, don haka zai daidaita da direbobi, ko kuma ya jingina ta kan giɓin lissafi. A ganina giɓin lissafi ne ya kamata ya zama jigo, harshe kuma ya biyo baya a jimla ɗaya. Dalili shi ne giɓin kuɗi ne ke fita daga aljihun kamfani, kuma shi manajan ya maimaita. Idan ya sa harshe a gaba, za a iya kallonsa a matsayin tafinta, alhali sitokifa ake nema, kuma idan ana son tafinta akwai masu yi da yawa a Agege da Idi-Araba. Jin Hausa yana ƙara masa daraja ne idan ya nuna cewa yana taimakawa wajen toshe giɓin, tunda wani kaso na kuskuren lissafi yana faruwa ne a daidai lokacin sauke kaya.

Bayan an zaɓi matsala, sai a nemi hujja. Hujja tana da sassa uku: halin da ka tarar, da abin da ka yi da hannunka, da abin da ya biyo baya. A ce a wurin dillalin na Mile 12 ana ƙirga kaya sau ɗaya a wata, kuma ana yawan rasa buhu bakwai zuwa goma ba a san inda suka shiga ba. Shi ne ya kawo tsarin ƙirga rukuni ɗaya na kaya kowace Asabar, da sa hannun direba da na mai karɓa a kan takardar rakiyar kaya tun motar ba ta tashi ba. Cikin wata uku giɓin ya koma buhu ɗaya ko biyu. Wannan hujja ce, domin tana da adadi, tana da mataki, kuma ana iya kiran tsohon maigidansa a tambaye shi. Sharaɗin da ba a ɗaga wa ƙafa shi ne adadin ya zama gaskiya. Idan ba ka tuna takamaiman lamba ba, ka faɗi abin da ka yi ka bar lambar, domin kamfanoni da yawa suna tuntuɓar wurin da mutum ya baro kafin su ba shi takardar kama aiki.

Akwai wani cikas da ya shafe mu musamman. An raine mu a kan kunya da kawaici, muna kuma cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka da yawa daga cikinmu sukan ji nauyin rubuta abin da suka iya. Sai wasiƙar ta karkata zuwa roƙo: a taimaka mini saboda Allah, ina da iyali, na daɗe ba ni da aiki. Halin da mutum yake ciki gaskiya ne kuma abin tausayi ne, amma manajan da zai kare zaɓinsa a gaban shugabanninsa ba zai iya gabatar musu da wannan a matsayin dalili ba. Mafita ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aikin kawai. Wanda ya rubuta cewa shi haziƙi ne mai gaskiya da riƙon amana ya yabi kansa. Wanda ya rubuta cewa ya mayar da ƙirga kaya mako-mako har giɓi ya ragu ya faɗi abin da ya faru ne, kuma babu rashin kunya a ciki.

Rubuta wasiƙar

A Legas da Turanci za ka rubuta, sai fa idan da Hausa aka yi intabiyun, kamar a wasu gidajen yaɗa labarai ko kasuwancin 'yan Arewa. Abin da zan kawo a nan tsarin ne da ma'anar, kai kuma ka zuba su cikin Turanci mai sauƙi irin wanda ka yi magana da shi a ɗakin. Idan rubutun ya fi bakinka ƙarfi nesa ba kusa ba, wanda ya saurare ka jiya zai gane cewa ba kai ka tsara shi ba.

Mafi sauƙi shi ne ka buɗe imel ɗin gayyata ka danna Reply, domin saƙonka ya zauna cikin zaren da aka san shi, kuma haɗarin faɗawarsa cikin akwatin Spam ya ragu. Idan sabon saƙo za ka buɗe, kanun ya ƙunshi kalmar godiya, da sunan muƙamin, da cikakken sunanka. Tsawon wasiƙar kada ya wuce kalma 150 zuwa 200, domin akasari a waya za a karanta ta, tsakanin wani taro da wani.

Ga yadda wasiƙar matashin zuwa ga manajan sito za ta kasance:

"Ina godiya da lokacin da kuka ba ni jiya Talata domin tattaunawa kan aikin sitokifa, musamman bayanin da kuka yi mini game da yadda kaya ke shigowa daga Arewa.

Kun ambaci cewa a ƙarshen wata lissafin littafi ba ya dacewa da buhunan da ke sito. Na tarar da irin wannan matsala a wurin aikina na Mile 12, inda ake rasa buhu bakwai zuwa goma a wata. Na mayar da ƙirgar ta zama ta mako-mako, rukuni ɗaya kowace Asabar, na kuma sa direba da mai karɓa suna sa hannu kafin mota ta tashi. Cikin wata uku giɓin ya koma buhu ɗaya ko biyu. Tunda ina jin Hausa, nakan tantance adadi da direbobi kai tsaye a lokacin sauke kaya, wanda a nan ne yawancin saɓanin yake farawa.

Game da manhajar da aka tambaye ni, ban taɓa aiki da ita ba. Na yi shekara uku ina riƙe shiga da fitar kaya a Excel, kuma a shirye nake in koye ta kafin ranar kama aiki.

Tattaunawar ta ƙara mini sha'awar wannan aiki. Zan jira sanarwarku kafin Juma'ar mako mai zuwa kamar yadda aka faɗa, kuma idan akwai wata takarda da ake bukata zan turo ta nan take."

Daga nan sai sallama, da cikakken suna, da lambar waya.

Sakin layi na uku yana bukatar ƙarin bayani, domin mutane suna tsoronsa. Wasu suna ganin tada maganar amsar da ta yi rauni tamkar tuna wa mutane laifinka ne. Gaskiya akanta bai manta ba, kuma idan kwamitin ya zauna zai ambace ta, saboda haka gara a ce akwai cikon amsar a rubuce a gabansu. Sai dai gyaran yana da iyaka. Amsa ɗaya kawai ake gyarawa, cikin jimla biyu, ba tare da dogon ban haƙuri ko bayanin cewa ka ruɗe ba. Kuma kada ka canza gaskiya: wanda ya ce a'a jiya, ya dawo yau ya ce ashe ya iya, ya jawo shakku a kan duk sauran abin da ya faɗa. Idan babu amsar da ta yi rauni sosai, a cire wannan sakin layin gaba ɗaya.

Maganar albashi ba ta da wuri a wannan wasiƙa, ko da an taɓo ta a intabiyu, kuma ko da kana ganin ka faɗi adadin da ya yi ƙasa. Lokacinta shi ne bayan an yi maka tayin aiki. Haka nan kada ka ambaci wani babba da ka sani a kamfanin, domin abin yana kama da matsin lamba, kuma yana ɓata ran wanda aka ɗora wa alhakin zaɓe. Game da gaisuwa, sallamar addini da addu'a suna da kyau idan mai intabiyun da kansa ya fara su da kai. Idan ba haka ba, gaisuwar ofis da sunan mutum ta wadatar, kuma ta fi Dear Sir/Ma da ake rubuta wa wanda ba a sani ba.

Idan ka yi alkawarin turo samfurin aiki, ka haɗa shi a matsayin PDF mai suna bayyananne. Gmail yana karɓar abin haɗawa har megabayit 25, amma takarda shafi ɗaya ko biyu ba ta kai ko kusa da haka, kuma ƙarami ya fi saurin buɗuwa a waya. Matashinmu yana iya tura fankon jadawalin ƙirgarsa, amma ba da sunayen abokan cinikin dillalin da farashinsu a ciki ba. Manajan da ya ga ka fitar da sirrin tsohon maigidanka zai ɗauka haka za ka yi da nasa.

Wa za a tura wa, kuma yaushe

Idan kana da adireshin duka mutum ukun, kowa ya sami nasa saƙon daban, kuma kada su zama kwafin juna, domin sukan tura wa juna ko su haɗa su a fayil ɗinka. Cikakkiyar wasiƙar ta manajan sito ce. Ta akanta ta fi gajarta, kuma batun manhaja da Excel ne jigonta. Ta shugabar sashen ma'aikata jimla uku ta isa: godiya, da tabbatar da sha'awa, da ranar da ta ambata. Idan adireshi ɗaya kawai kake da shi, ka rubuta cikakkiyar wasiƙar zuwa gare shi, ka ambaci sauran da sunansu, ka roƙi a isar musu. Kada ka danna Reply all a kan gayyatar da aka tura wa masu nema da yawa a haɗe, domin abokan takararka ne za su karanta hujjarka. Idan kuma ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata ka samu intabiyun, ta wurinsu za ka bi, sai in sun ba ka izinin rubutawa kai tsaye.

Lokacin turawa shi ne cikin awa 24. Saƙon da ya iso minti biyar bayan fitarka yana nuna an tsara shi tun kafin a gana, wanda ya iso bayan kwana uku kuma yana iya tarar da an riga an zauna. Intabiyun safe, a tura da yammacin ranar kafin a tashi aiki ko washegari da ƙarfe takwas. Intabiyun Juma'a da yamma, ni na fi son a tsara shi ya isa Litinin da safe, sai dai idan an ce a ƙarshen makon za a yanke shawara. Idan da daddare ka gama rubutu, yi amfani da Schedule send na Gmail, wanda ke tura saƙo a lokacin da ka zaɓa: a kwamfuta yana jikin ƙaramar kibiyar da ke gefen Send, a manhajar waya kuma yana cikin ɗigo ukun da ke sama. Amfaninsa a nan shi ne saƙon zai fita a kan lokaci ko da wayarka ta mutu saboda rashin wuta ko datarka ta ƙare. Yana da kyau kuma ka shiga Settings a kwamfuta ka mayar da Undo Send daƙiƙa 30, wanda shi ne mafi tsawo, domin ka iya janyo saƙo idan ka hango kuskure bayan dannawa.

Kafin turawa ka karanta wasiƙar da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka duba sunan mutum da na kamfani da na muƙami a kan imel ɗin gayyata, domin wayoyi suna canza sunayen gida zuwa kalmomin Turanci ba tare da ka lura ba. Ka duba sunan da ke bayyana a adireshinka ma. Idan laƙabin da abokai ke kiranka da shi ne, ka gyara shi ya zama sunan da ke kan takardunka. Gwaji na ƙarshe shi ne ka cire sunan kamfanin a zuciyarka ka sake karantawa: idan wasiƙar za ta dace da kowane kamfani, sakin layi na biyu bai yi aikinsa ba, sai ka koma ga abin da ka rubuta bayan fitowa ka sake shi.

WhatsApp ba ya maye gurbin imel, sai idan ta nan aka gayyace ka kuma babu wani adireshi. A wannan hali ka tura rubutu gajere a lokacin aiki, ba saƙon murya ba. A ma'aikatun gwamnati kuma, inda kwamiti ke ba da maki a kan fom, wasiƙar ba ta canza maki, kuma neman adireshin ɗan kwamiti na kansa yana iya zama abin zargi, don haka godiya ta adireshin hukuma ta isa.

Idan aka yi shiru

Rashin amsa ga imel ɗin godiya ba alamar komai ba ne, yawancin manajoji ba sa amsa shi. Matashinmu zai jira Juma'ar da aka faɗa ta wuce, ya ƙara kwana biyu na aiki, sannan ranar Laraba ya rubuta wa shugabar sashen ma'aikata a cikin zaren saƙon godiyar da ya tura mata, jimla biyu ko uku: yana tambayar inda aka kwana game da muƙamin, kuma har yanzu yana da sha'awa. Ba zai maimaita hujjarsa ba, tana nan a wasiƙar da ya riga ya tura wa manajan sito. Idan ba a faɗi rana ba tun farko, mako guda zuwa kwana goma ne ya dace a jira. Bayan wannan tuntuɓa, ƙari ɗaya bayan wani makon ya isa, kuma duk tsawon lokacin ya ci gaba da neman wasu wuraren.

Idan amsar ta zo da neman kuɗi, ko na fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya da za a tura wa asusun wani mutum, ka tsaya nan. Wannan salo ne da 'yan damfarar aiki suka saba da shi a Legas, kuma kada ka tura musu lambar BVN ko bayanan katin bankinka. Idan kuma amsar ita ce an ɗauki wani, ka mayar da jimla biyu na godiya, ka nemi a riƙe takardunka domin wani gurbin. Yakan faru wanda aka zaɓa ya ƙi tayin ko ya bar aikin tun yana watannin gwaji, kuma a lokacin sashen ma'aikata yakan fara duba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kafin ya sake tallata muƙamin.